Na biya haraji a ƙasar waje, a gida ma an ce da saura

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ina da sana'ata a gida, kuma iyalina suna nan. Bara wani kamfani na ƙasar waje ya ɗauke ni aikin wata goma. Na yi wata takwas a can, sauran wata biyun na ƙarasa daga gida ta kwamfuta. In aka mayar da albashin kuɗinmu, miliyan 4 ne, kuma sun cire mini harajin kashi 30 cikin ɗari, wato miliyan 1.2. A gida na samu miliyan 6. Da na zo cike takardar haraji sai na cire miliyan 1.2 ɗin nan gaba ɗaya daga abin da ake bina. Yanzu hukumar haraji ta rubuto cewa miliyan 1 kawai ta yarda da shi, in biya 200,000 da tara. Na san doka ta hana a karɓi haraji sau biyu a kan kuɗi ɗaya. Zan iya kai su kotu?

Amsa: Malam, barka kadai. Ban ga takardunka ba, kuma ba ka ambaci ƙasashen biyu ba, don haka abin da zan faɗa yana kan ƙa'idar da yawancin ƙasashe ke bi ne, dokar ƙasarka na iya saɓawa a wasu wurare. Kotu kana iya zuwa, ƙofarta a buɗe take. Sai dai a iya abin da ka rubuto, ina ganin lissafin hukumar ya fi naka kusa da daidai, kuma akwai wata magana a wasiƙarka da ta fi 200,000 ɗin nan damuna.

Mu fara da abin da ka ce ka sani. Babu wata doka ta duniya da ta haramta wa ƙasa biyu karɓar haraji a kan kuɗi ɗaya. Ƙasar da ka yi aiki a cikinta tana karɓa saboda a ƙasarta aka samu kuɗin. Ƙasarka tana karɓa saboda kai mazauninta ne, kuma ƙasashe da yawa suna ɗora wa mazauninsu haraji a kan duk abin da ya samu, ko a ina ya samo shi. Kowacce tana kan haƙƙinta. Sauƙin da ake samu yana fitowa ne daga ɗayan wuri biyu: ko dokar harajin ƙasarka ta tanade shi da kanta, ko kuma akwai yarjejeniyar haraji tsakanin ƙasashen biyu. Yawancin waɗannan yarjejeniyoyi an gina su a kan samfurin OECD, ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki, ko na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma a sashe na 23 na samfurin hanya biyu aka kawo. Ta farko, ƙasarka ta ɗauke kai daga kuɗin wajen. Ta biyu, ta lissafa harajinta a kan komai, sannan ta rage maka abin da ka biya a waje. Da alama ta biyun ake bi da kai, kuma ragin nan yana da iyaka. Iyakar ce ba a gaya maka ba.

Ga yadda take aiki. Bari mu ɗauka harajin ƙasarka a kan jimillar abin da ka samu ya kama kashi 25 cikin ɗari. Na zaɓi wannan adadin ne saboda shi ya dace da lissafin da hukumar ta aiko maka, a zahiri harajin mutum hawa-hawa yake. Jimillar kuɗinka miliyan 10, harajinsu miliyan 2.5. Kashi huɗu cikin goma na kuɗin daga waje suka fito, saboda haka kashi huɗu cikin goma na harajin, wato miliyan 1, shi ne abin da ƙasarka za ta karɓa a kan kuɗin wajen da babu wanda ya riga ta. Ragin da za a yi maka shi ne wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin wannan miliyan 1 da abin da ka biya a can. Ka biya miliyan 1.2, aka ba ka miliyan 1, ya rage ka biya miliyan 1.5 a gida.

Ka duba da kyau, miliyan 1.5 ɗin nan daidai yake da kashi 25 na miliyan 6 da ka samu a gida. Ma'ana ƙasarka ba ta karɓi ko kwabo a kan albashinka na waje ba. Da ta bar ka ka cire miliyan 1.2, da ta yafe maka 200,000 daga harajin sana'arka ta gida don cike abin da wata gwamnati ta karɓa, kuma ban san wata hukumar haraji da za ta yarda da haka ba. Ba a karɓi haraji sau biyu a wurinka ba. Ka dai yi aiki a ƙasar da harajinta ya fi na ƙasarka tsada, bambancin kuma a kanka ya faɗa. Da a ce kashi 15 suka cire maka a can, wato 600,000, da dukansu za a rage maka, sannan ka cika 400,000 a gida a kan wannan albashin. Ko ta yaya, a ƙarshe mutum yakan biya kwatankwacin wanda ya fi yawa cikin harajin biyu.

To ina makomar 200,000 da suka yi rara? Ya danganta. Amurka, alal misali, tana barin mutum ya mayar da rarar shekara ɗaya baya ko ya ɗauke ta har shekara goma gaba. Wasu ƙasashen ba sa barin a ɗauke ta ko shekara ɗaya, ta tafi ke nan. A duba dokar ƙasarka kafin ka sa rai.

Yanzu ga abin da ya dame ni. Ka ce wata biyu daga gida ka yi aikin. A ƙa'idar sashe na 15 na samfurin yarjejeniyar, albashi yana bin ƙasar da ma'aikaci yake cikinta lokacin da ya yi aikin, ba inda kamfanin yake ko inda aka turo kuɗin ba. Watanni takwas da ka yi a can babu gardama, ƙasar tana da ikon karɓar harajinta, tunda kamfanin nata ne kuma ka wuce iyakar kwana 183 da sashen ya ambata. Amma albashin wata biyun nan, kimanin 800,000, mai yiwuwa ne a ɗauke shi kuɗin gida. In haka ta tabbata, kuɗinka na waje ya koma miliyan 3.2, iyakar ragin ta sauko zuwa 800,000, abin da ake binka kuma ya tashi daga 200,000 zuwa 400,000. Ban ce lallai haka za ta kasance ba, sai an karanta yarjejeniyar da kwantiraginka. Amma wanda ya shiga kotu da fasfo mai ɗauke da hatimin ranar dawowarsa, ya san lauyan hukuma zai ƙirga kwanakin. Kada garin neman gira a rasa ido.

Ba ina ce maka ka ɓoye wannan ba. Ɓoyewa laifi ne, kuma ƙasashe suna musayar bayanan haraji a tsakaninsu. Abin da nake nufi shi ne kai ka fara fito da maganar, domin tana da ɓangaren da zai amfane ka. Idan albashin wata biyun na gida ne, to harajin kashi 30 da aka cire a kansa, wato 240,000, wataƙila ƙasar wajen ba ta da haƙƙinsa, kuma can ya kamata ka nema a mayar maka. Ƙasarka ba za ta rage maka harajin da aka karɓa ba bisa ƙa'ida ba, za ta ce ka je inda ka biya ka karɓo. In aka mayar maka 240,000 ka ƙara 200,000 a gida, ba ka yi asara ba, har da ɗan saura. A gaskiya kamfanin da ya ci gaba da yankar albashinka bayan ya san ka bar ƙasar bai kyauta ba. Ofishin albashinsu ya kamata ya tambayi inda kake aiki, ba ya bar na'ura tana cire kashi 30 kowane wata ba. Ka rubuta musu cikin ladabi su ba ka takardar shaidar abin da suka cire da kwanakin da ka yi a can.

Wani abu kuma, ka tabbata miliyan 1.2 ɗin duka harajin kuɗin shiga ne. Sau da yawa mutane suna haɗawa da kuɗin fansho ko na inshorar lafiya da aka cire a takardar albashi, waɗannan kuwa galibi ba sa shiga ragin, haka ma tara da kuɗin ruwa. Sannan abin da kamfani ya cire wata-wata ba lallai shi ne harajinka na ƙarshe ba. Hukumarku tana iya neman takardar da hukumar can ta bayar bayan an rufe lissafin shekara.

Na ɗauka kai mazaunin ƙasarka ne ta fuskar haraji, tunda gidanka da iyalinka da sana'arka duk suna nan. Wata takwas na iya sa ƙasar wajen ma ta kira ka mazauninta, amma sashe na 4 yana warware irin wannan ta duba inda gidanka na dindindin yake, sannan inda rayuwarka da harkokinka suka fi karkata. Ba na zaton za ka ci nasara in ka ce kai ba mazaunin gida ba ne.

Shawarata ita ce ka fara duba wa'adin da aka rubuta a takardar hukumar, domin lokacin shigar da ƙorafi gajere ne kuma in ya wuce lissafin yakan zama tabbatacce. Ka shigar da ƙorafin a rubuce kamar yadda aka saba, ka nemi zama da jami'in da ke riƙe da fayil ɗinka, ka tafi da akanta ko lauyan haraji. A wurin zaman, ni da zan sa ƙarfina a kan tarar ne, ba a kan 200,000 ba. Ka bayyana kuɗinka na waje da kanka, kuskuren lissafi ka yi, kuma hukumomi da yawa suna da ikon sassauta tara a irin wannan hali, ko da yake ba dole ba ne a kansu. Idan kana da hali, ka biya abin da babu gardama a kansa don kuɗin ruwa ya daina hawa.

In ƙasar wajen ta ƙi mayar da 240,000 alhali ƙasarka ta dage cewa albashin na gida ne, nan ne za a ce da gaske an karɓi haraji biyu a kan kuɗi ɗaya. Maganinsa, in akwai yarjejeniya, yana sashe na 25: ka kai kuka ga hukumar ƙasarka, ita ta tattauna da takwararta su daidaita. Samfurin ya ba da shekara uku daga ranar da aka fara sanar da kai, amma a duba abin da taku yarjejeniyar ta ce. Hanyar tana cin lokaci kuma ba kullum take ƙarewa da matsaya ba, sai dai ta fi kotun gida amfani a nan, domin alƙalin ƙasarka ba shi da ikon umartar wata ƙasa ta mayar maka da kuɗi. Kafin ka sa hannu a kan kowace takardar sulhu a gida, ka sa lauyanka ya tabbatar ba ta rufe maka wannan hanyar ba.