Hukuncin saƙon murya tsakanin saurayi da budurwar da aka sa musu rana

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni budurwa ce a Jekadafari, cikin garin Gombe. Magabatan wanda zan aura sun zo gaisuwa, an sa rana bayan Babbar Sallah. A Bauchi yake aiki, sai ƙarshen wata yake zuwa zance, don haka yawancin hirarmu a WhatsApp muke yi, kuma ya fi son saƙon murya. Na rana ina jin daɗinsu, yakan tambayi jikin Mama, ya ba ni labarin aikinsa. Amma yanzu ya koma turowa ƙarfe ɗayan dare, yana cewa in rage murya in riƙa kiran sunansa. In ya ga alamar na saurara ban mayar ba, sai ya jero biyar ko shida yana fushi. Ɗaki ɗaya nake kwana da ƙannena. Shin muryata al'aura ce? In na ƙi, na shiga haƙƙinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, Allah ya yi miki albarka, ya kai mu ranar lafiya.

Magana mafi inganci ita ce muryar mace a karan kanta ba al'aura ba ce. Mata sun riƙa zuwa wurin Manzon Allah (SAW) suna tambaya a gaban sahabbai, kuma manyan maza sun ɗauki ilimi daga Nana A'isha ta bayan labule. Abin da aka hana yana cikin Suratul Ahzab, aya ta 32, inda Allah ya ce wa matan Annabi kada su lanƙwasa magana har wanda yake da cuta a zuciyarsa ya yi kwaɗayi, sannan ya ce su faɗi magana ta alheri da aka sani. Kin ga ba a ce su yi shiru ba, salon maganar aka gyara. Malaman tafsiri sun ce sauran mata muminai suna cikin wannan ladabi.

To, saƙonnin da kika ce yana turowa da rana, ban ga laifinsu ba, ina ma ganin alheri a cikinsu. Lokacin da Mugira ɗan Shu'uba ya nemi aure, Annabi ya umarce shi ya je ya ga matar, domin hakan ya fi kusa ya dawwamar da jituwa a tsakaninsu, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito. Sanin juna kafin aure abin so ne, murya kuwa tana fito da halin da rubutu yake ɓoyewa. A rubuce kowa zai iya cewa "yaya jikin Mama", amma a murya za ki gane ko da gaske ya damu, za ki ji yadda yake magana in ya gaji, da yadda yake ambaton mahaifiyarsa da abokan aikinsa. Irin wannan saƙo, gajere, a lokacin da mutane suke ido biyu, wanda za ki iya kunnawa Mama tana gefe tana tsince shinkafa ba tare da gabanki ya faɗi ba, halal ne, shi ya turo ke ma ki mayar da muryarki ta yau da kullum.

Na dare kuwa hukuncinsa daban. Sa rana alkawari ne. Har zuwa ranar da waliyyinki zai bayar, a ambaci sadaki a gaban shaidu, wannan bawan Allah ba mijinki ba ne, ba shi da haƙƙin biyayya a kanki, ballantana haƙƙin jin daɗi da muryarki. Rage murya da jan sunansa don ya ji daɗi a kan shimfiɗarsa shi ne ainihin lanƙwasa maganar da ayar ta hana. A hadisin Abu Huraira da Muslim ya fitar, an ce zinar kunnuwa ita ce sauraro, zinar harshe ita ce magana. Saboda haka bai halatta ki yi ba, shi ma bai halatta ya nema ba, kuma ƙin da kika yi ba shiga haƙƙinsa ba ne.

Shi ma ya ji, don ba mata kaɗai ake ja wa kunne ba. Annabi yana da wani mai kora raƙuma, Anjasha, mai daɗin murya. A wata tafiya yana rera waƙar kora kusa da mata, sai Annabi ya ce masa ya bi a hankali da kwalabe, yana nufin matan. Malamai da dama sun ce tasirin muryar a zukatan matan aka ji wa tsoro. Namijin da yake kashe murya da tsakar dare don ya narkar da zuciyar yarinyar da ba a ɗaura musu aure ba, shi ma ya taka iyaka.

Wasu za su ce ai ba keɓewa ba ce tunda yana Bauchi kina Gombe. Gaskiya ne, ba keɓewar da malaman fiƙihu suka siffanta ba ce. Amma a mazhabarmu ta Malikiyya ana toshe kafar da take kai wa ga ɓarna, kuma na ga inda irin wannan yake zarcewa: murya yau, hoto gobe, jibi kiran bidiyo.

Jero miki saƙonni cikin fushi kuma rashin ladabin neman izini ne. Hadisin Abu Musa a Bukhari da Muslim ya ce sallama uku ce, in ba a ba ka izini ba ka juya. Suratun Nur, aya ta 58, ta ware lokuta uku da ko yaran gida sai sun nemi izini: kafin Asuba, da tsakar rana lokacin hutu, da bayan Isha'i. Ayar kan shiga ɗaki take magana, amma ta nuna mana dare yana da alfarma. Saƙon murya ya fi rubutu nauyi a nan, domin rubutu kallo ɗaya za ki yi masa, murya kuwa sai kin nemi abin sawa a kunne ko kin shige bargo don kada ƙannenki su ji. Alamar da ta koma shuɗiya tana nuna kin saurara ne kawai, ba ta ɗora miki bashin amsa ba.

Akwai kuma abin da nake ji miki tsoro. Zancen zaure yana wucewa da an tashi, saƙon murya kuwa yana zaune a wayarsa. Ana iya tura shi ga wani, wayar tana iya ɓata ko ta je wurin mai gyara, kuma ba kowace ranar da aka sa ake kaiwa ba. Ko wanda ake saurara sau ɗaya ya goge, ana iya naɗarsa da wata wayar. Yaɗa saƙon wani cin amana ne mai girma, amma zunubin mai yaɗawa ba zai mayar miki da sirrinki ba.

Ki faɗa masa da rana, cikin girmamawa, cewa kina jin daɗin saƙonninsa, amma daga bayan Isha'i ba za ki saurara ba sai da safe, kuma irin muryar da yake nema sai bayan ɗaurin aure. Ki kashe data in za ki kwanta, ki goge abin da ya gabata in akwai, ki roƙe shi ya goge nasa, ku yi istigfari. In ya karɓa, ko da ya ɗan ɓata rai kwana biyu, ki ci gaba da shirinki. In ya mayar da shi sharaɗi, ko ya yi barazanar fasawa, ko ya yi miki gori da wani saƙo da kika taɓa turawa, ki sanar da Mama ko gwaggonki a ranar, su kai maganar ga waliyyinki tun ba a kawo lefe ba.

Wallahu a'alam.