Mosfet yana zafi, rele ya ƙi saki

Maigida, barka da aiki. Na haɗa fitilar LED mai igiya, mita biyar, a kan batirin sola na bolt 12, ina kunna ta da Arduino ta hanyar IRFZ44N. Mosfet ɗin yana zafi har ba ya taɓuwa, haske kuma bai cika ba. Na sa wani irinsa, shi bai yi zafi sosai ba. Sannan 2N7000 da na sa wa rele ya mutu sau biyu, rele ya maƙale a kunne. Rezista nawa zan sa a ƙafar G, kuma ta yaya zan san ko mosfet zai jure?

Yarona, sannu da ƙoƙari. Rezista ba ita ce ciwon ba, amma za mu zo kanta. Ciwon yana ƙafar G, inda kake ba mosfet bolt 5 alhali an ƙera shi don bolt 10.

Ɗauki mosfet ɗin, rubutun yana kallonka, ƙafafu a ƙasa. Daga hagu G, ta tsakiya D, ta dama S. Wuta tana bi tsakanin D da S, ƙarfin bolt da ke tsakanin G da S kuma shi ne hannun da ke murɗa famfon. A takardar bayanin IRFZ44N akwai layin VGS(th), an rubuta bolt 2 zuwa 4. Yawancin masu koyo suna karanta wannan su ce ai bolt 5 ya wuce 4, shi ke nan. A'a. Wannan adadin shi ne inda famfon ya fara ɗiga kawai, wutar da ke wucewa a lokacin 250 µA ce, ko ƙaramar LED ba za ta haskaka da kyau ba. Layin da ya dame ka shi ne RDS(on), wato turjiyar da ta rage tsakanin D da S bayan ya buɗe, da kuma bolt ɗin da aka gwada ta a kai. Na IRFZ44N om 0.0175 ne, amma a bolt 10. A bolt 5 kamfani bai yi maka alkawarin komai ba. Shi ya sa biyunka suka bambanta: ɗaya ƙofarsa tana fara buɗewa kusa da bolt 2 ko 3, sai ya yi aiki, ɗayan kusa da bolt 4, sai ya tsaya rabi a buɗe, ya zama kamar rezista, yana cin wutar da ya kamata ta je fitila yana mayar da ita zafi. Ƙara da cewa in Arduino yana shan wuta ta USB, ƙafarsa ba ta ma kai bolt 5 cif ba.

Ka nemi IRLZ44N. Harafin L ɗin nan shi ne bambancin, kada mai shago ya ce maka duk ɗaya ne. Shi kamfaninsa ya rubuta om 0.025 a bolt 5, da 0.035 a bolt 4. In wata rana ka koma ESP32 mai bolt 3.3, ko wannan ɗin bai da alkawari a can. Sai irin AO3400 da aka gwada a bolt 2.5, ko ka sa direba a tsakani, wato ƙaramin IC da ke ba G isasshen bolt da wuta.

Haɗin kuwa haka yake: jan wayar fitila zuwa + na batir, baƙar wayarta zuwa D, S zuwa − na batir, GND na Arduino ma zuwa wannan − ɗin. In ka manta haɗa GND da S, G ba shi da abin da zai auna kansa da shi, fitila za ta riƙa kyaftawa yadda ta ga dama.

To, rezista. Ƙafar G ba ta shan wuta a zaune, amma a cikinta akwai ɗan kondansa. Duk lokacin da Arduino ya ɗaga ƙafarsa, a ƙiftawar farko kondansan nan fanko yake, yana jan wuta kamar an gama waya da waya. Ƙafar Arduino Uno an so ta tsaya a 20 mA, iyakar da ba a ƙetarewa 40 mA. Aikin rezistar shi ne ta tare wannan fizgar, ta kuma kwantar da rawar da dogon waya ke haifarwa a G.

```
R = 5 V / 0.02 A = 250 Ω
```

Ba a sayar da 250 a ko'ina, sai ka ɗauki 270 ko 330. Ni 330 na fi so, lemo, lemo, ruwan ƙasa; fizgar farko 15 mA ke nan. Ka manna ta dab da ƙafar G, ba can wajen Arduino ba. Sai rezista ta biyu, 100 kΩ, daga G zuwa S. Ita ce ke riƙe mosfet a rufe lokacin da Arduino ke tashi ko wayar ta zare, domin kondansan G yana riƙe caji; ka taɓa ƙafar da yatsa ka ga fitila ta kama ta ƙi mutuwa, to abin da nake nufi ke nan. Ana sa 10 kΩ ma, sai dai da ita da 330 suna raba bolt, G ya samu 4.84 maimakon 5.

Me zai hana ka sa babba, kamar 10 kΩ, a jere da G don ka huta? In kunnawa da kashewa kawai kake yi, sau kaɗan a yini, ba za ka ga illa ba. Amma in kana rage haske da `analogWrite`, mosfet yana buɗewa yana rufewa sau 490 a daƙiƙa a yawancin ƙafafun Uno, kuma duk lokacin da yake tsakanin buɗe da rufe yana ɗauke da bolt da amfiya a tare. Nan ne zafi na biyu ke fitowa. IRLZ44N yana buƙatar caji har 48 nC kafin G ya cika. Da 330, matsakaicin wutar da ke shiga kusan 10 mA ce, don haka buɗewa tana cin kamar 5 µs, rufewa ma haka. Mu ɗauka fitilarka tana jan amfiya 3.

```
P = 0.5 × V × I × (t_on + t_off) × f
P = 0.5 × 12 × 3 × 0.00001 × 490 = 0.09 W
```

Wannan ba komai ba ne. Sa 10 kΩ a wurin 330, lokacin ya ninka sau talatin, asarar ta kai wat 2.6. Ko ka bar 330 ɗin ka ɗaga saurin zuwa 20 kHz, ta kai wat 3.6. Ka ga ke nan girman rezista da saurin kunnawa tare ake auna su. In aiki ya buƙaci sauri irin wannan, ƙafar Arduino ba ta isa ba, sai direba kamar TC4420 da rezista ƙarama, om 10 zuwa 47.

Yanzu babban lissafin, zafin da ke fitowa yana buɗe sosai:

```
P = I × I × RDS(on) = 3 × 3 × 0.025 = 0.225 W
```

Kada ka tsaya nan. Om 0.025 ɗin an auna shi ne a digiri 25, mu kuwa a Garwa muke. RDS(on) yana hawa da zafi, kusa da digiri 100 ya ninka kamar sau ɗaya da rabi, sai mu ce wat 0.34. Haɗa da 0.09 na ɗazu, wat 0.43. Jikin IRLZ44N, irin da ake kira TO-220, in yana tsirara, ba radiyeta, yana hawa digiri 62 a kan kowane wat ɗaya, wato ƙarin digiri 27. A watan Maris da Afrilu inuwa ma tana wuce digiri 40, cikin rufaffen akwatin roba ƙarƙashin kwano ka ɗauka 55. Jimla digiri 82. Iyakarsa 175, saboda haka yana da sarari, ba ya buƙatar radiyeta. Amma dubi abin da zai faru in mai gida ya ce a ƙara fitilu har amfiya 8: wutar ta ninka ƙasa da sau uku, zafin ya ninka sau bakwai, domin amfiya sau kanta ake bugawa. Wat 2.4 ke nan, ƙarin digiri kusan 150 a kan 55. Ya ƙone. Amfiya 47 da ka gani a saman takarda sai in an riƙe bayan ƙarfensa a digiri 25, abin da ba ya faruwa a shagon kowa. Da zarar lissafi ya kusa wat 1, ɗaura masa radiyeta da ɗan man zafi. Ka kuma tuna ƙarfen bayansa a haɗe yake da D, kada ya taɓa jikin akwatin ƙarfe in akwatin yana kan −, in ba haka ba fitila za ta kama ba tare da izinin mosfet ba.

Lissafi na takarda ne, mita ita ce shaida, musamman da yake kasuwa cike take da mosfet na jabu masu lamba mai kyau da ƙaramin ciki. Kunna fitila gaba ɗaya da `digitalWrite`, sa mita a bolt, jan tsinke a D, baƙi a S. A amfiya 3, lafiyayyen IRLZ44N zai nuna kamar 0.08 zuwa 0.11. In ka ga bolt 1, wat 3 ne ke ƙonewa a cikinsa, kuma bolt ɗin nan daga bakin fitila aka ƙwace shi, dalilin dusashewar haskenka ke nan. Auna G da S ma: in akwai bolt 5 a can amma D da S ba su sauka ba, mosfet ɗin ne, cire shi. Yi gwajin da tsakar rana, lokacin da sola ke caji. Batir yana kai 14.4 a lokacin, igiyar LED kuwa rezistocin cikinta na bolt 12 aka lissafa, sai ta ja wuta fiye da yadda ka auna da dare.

Rele kuma labarinsa daban. Ƙaramin rele na bolt 12 bobin ɗinsa kusan om 400 ne, 30 mA kawai, 2N7000 yana ɗaukar wannan ko gumi bai yi ba. Ba nauyi ya kashe shi ba. Bobin naɗin waya ne, ba ya yarda wutarsa ta yanke farat ɗaya. Da mosfet ya rufe, sai ya harba bolt mai yawa a kan D, ya wuce 60 da 2N7000 ke iya jurewa. Mosfet in ya mutu yawanci D da S ne ke narkewa su haɗe, shi ya sa rele ya maƙale. Cire mataccen ka sa mita a ƙara, za ka ji tana kuka tsakanin D da S ta kowane gefe.

Maganin diyod ɗaya ne, 1N4007, a kan ƙafafun bobin ɗin kansa, gefen da ke da zoben azurfa yana kallon +12, ɗaya gefen yana kallon D. In ka juya shi, da ka kunna wuta za ta bi ta diyod kai tsaye ta kashe mosfet nan take, don haka duba zoben sau biyu kafin ka sa dalma. Diyod ɗin da ke cikin mosfet ba ya wannan aikin, tsakanin D da S yake zaune, ba a kan bobin ba. In relen mota ne, bobin ɗinsa yana jan kusan 150 mA, ya yi kusa da iyakar 2N7000 ta 200 mA. Ba shi IRLZ44N, da 330 ɗinsa da 100 kΩ ɗinsa, da diyod ɗin a manne a ƙafafu 85 da 86, zoben a wadda ka kai wa +12.