Me ya sa har yanzu tsohuwar saba nake gani bayan na canza DNS?

Tambaya: "Salam Oga. Tun ƙarfe 10 na safe na canza A rikod na shafin wani kwastoma zuwa sabuwar saba, ga shi ƙarfe 1 ta yi. Abokina ya ce shi sabon yake gani, ni kuma tsohon ne ke buɗe min. Har TTL ɗin na rage daga 14400 zuwa 300 lokacin da na canza. Mene ne ban yi daidai ba?"

Amsar, kamar yadda aka kwafo ta daga muryar da aka turo:

Wa alaikumus salam ƙanena. Yi haƙuri da ƙarar janareta, an ɗauke wuta. Kafin komai, don Allah kar ka sake taɓa A rikod ɗin nan, wato layin da ke faɗin IP ko adireshin sabar shafin, kuma kar ka kashe tsohuwar sabar. Daga yadda ka faɗa, ina kyautata zaton aikinka daidai ne, lokaci ne kawai bai cika ba.

Bari mu fara da kalmar nan da muke yawan faɗa, wai DNS, wato tsarin da ke mayar da sunan shafi ya zama adireshin saba, "yana yaɗuwa". Kalmar ce ke rikita mutane, sai mutum ya ɗauka da ya danna Save, akwai wani saƙo da ke tashi yana bin sabobin duniya ɗaya bayan ɗaya yana ce musu adireshi ya canza. Babu wanda ake aika wa komai. Canjinka yana zaune ne a sabar suna ta domen ɗin, wato wadda ke da ikon faɗin gaskiyar adireshin, kuma yawanci cikin daƙiƙu ko 'yan mintuna take ɗauka. Amma wayarka ba ita take tambaya ba. Wayarka tana tambayar wani ɗan tsakiya ne da ake kira risolba, yawanci na kamfanin layin da kake amfani da shi. Shi yake zuwa ya tambayo, ya kawo maka amsa, sannan ya ajiye kwafi a wajensa saboda mutum na gaba da zai tambaya kar sai ya sake tafiya. Wannan ajiyar ita ce kesh.

To tsawon wane lokaci zai riƙe kwafin? Nan TTL ya shigo. Lamba ce ta daƙiƙu da ke manne da kowane rikod, tana ce wa risolba: riƙe amsar nan na tsawon kaza, kafin nan ba sai ka dawo ba. 300 minti biyar ke nan, 3600 awa ɗaya, 86400 kwana guda cur. Naka 14400 ne, awa huɗu, kuma ba abin mamaki ba ne, shi cPanel ya saba sa wa rikod in ba ka canza ba.

Yanzu mu yi lissafi da agogonka. A ce wani da ke kan layi ɗaya da kai ya buɗe shafin da ƙarfe 9:50 na safe, ko ma kai da kanka, don na san halinmu, sai mun leƙa shafi sau ɗaya kafin mu canza. A wannan lokacin risolban layinka ya je ya tambayo, aka ba shi tsohon IP tare da 14400. Ya fara ƙirga. Awa huɗu daga 9:50 ya kai ka 1:50 na rana. Kai kuma ka zo ƙarfe 10 ka canza. Shi bai sani ba, kuma ba zai je ya duba ba, domin an riga an ce masa ya riƙe har 1:50. Shi kuwa abokinka, a ce risolban nasa layin ya ɗauko amsar tun 6:30 na safe, tasa ta ƙare 10:30, aka sake tambaya, aka samu sabon IP. Ko kuma babu wanda ya buɗe shafin ta layinsa yau gaba ɗaya, to shi nan take zai ga sabo. Ka ga ku biyun babu wanda wayarsa ta lalace. Kowane risolba da nasa agogon, kuma agogon yana farawa ne daga lokacin da ya ɗauko amsar, ba daga lokacin da ka yi canji ba.

Sai maganar 300 da ka sa. Wallahi kusan kowa sai ya faɗa wannan ramin sau ɗaya. Sabon TTL ɗin yana tafiya ne tare da sabuwar amsar. Risolban da ke riƙe da tsohuwar amsa, tsohon TTL yake bi, bai ma ga 300 ɗinka ba tukuna. Kamar ka sallami ɗan aike ka ce kar ya dawo sai bayan awa huɗu, bayan ya fita ka canza shawara ka rubuta "minti biyar" a takarda ka ajiye a kan teburinka. Ina zai gani? Sai ya dawo. Shi ya sa ake rage TTL tun kafin ranar ƙaura. In 14400 ne, ka mayar da shi 300, ka jira aƙalla awa huɗu tsohon ya ƙare a ko'ina, sannan ka canza IP. Ni daren jajibiri nake yi, in kwanta, da safe in canza. In ka yi haka, mafi yawan mutane cikin minti biyar sun koma sabuwar saba, kuma in wani abu ya ɓaci ka koma tsohuwar cikin minti biyar. Bayan kwana ɗaya ko biyu komai ya zauna, sai ka ɗaga shi ya koma yadda yake.

Amma kar ka tsaya a kan zatona, ka gwada. Zan turo umarnin a rubuce, ka sa sunan domen ɗinka a gurbin example.com. Na farko zai nuna maka sabobin sunan da domen ɗin ke amfani da su, na biyu kuma ka ɗauki ɗaya daga cikinsu, ka sa ta a gurbin ns1.example.net, ka tambaye ta kai tsaye, ba ta hannun ɗan tsakiya ba:

```
dig NS example.com +short
dig @ns1.example.net example.com A
```

In na biyun ya ba ka sabon IP, to shi ke nan, aikinka ya shiga, saura jira. In kuma ya ba ka tsohon, to matsalar ba ta kesh ba ce ko kaɗan, ko ka jira mako guda ba abin da zai canza. Abin da ya fi jawo haka shi ne mutum ya je ya gyara rikod a wajen kamfanin da ya sayi domen, alhali sabobin sunan suna nuni ne ga kamfanin hostin ko Cloudflare. Ka gyara littafin da babu mai karantawa ke nan. Ya taɓa faruwa da ni, na kwana biyu ina ba wani Alhaji haƙuri ina ce masa ya jira, ashe a wurin da ba shi ba na yi gyaran.

Daga nan sai ka tambayi risolban da kwamfutarka ke amfani da shi. In a waya kake ganin tsohon, kunna hotsupot ka jona kwamfutar don ku bi layi ɗaya:

```
dig example.com A +noall +answer
example.com.  3000  IN  A  203.0.113.10
```

Layi na biyun irin amsar da za ka gani ce. Lambar nan 3000 ita ce daƙiƙun da suka rage kafin ya yar da tsohuwar amsar, wato minti hamsin, daidai da lissafinmu na 1:50. Ka ɗan jira minti ɗaya ka sake bugawa, za ka ga ta sauko wajen 2940. Wani lokaci takan yi tsalle maimakon ta sauko a jere, musamman a manyan risolba irin 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare, saboda injuna da yawa ne a bayan adireshi ɗaya, kowanne da nasa kesh. Kar wannan ya tada maka hankali. In Windows kake kai kuma babu dig, `nslookup -debug example.com` zai nuna maka ttl ɗin.

Akwai kuma kesh na kusa da kai: kwamfutar kanta, burauza, har da rautar ofis, duk sukan riƙe amsa. A Windows ka buga `ipconfig /flushdns`, a Chrome ka shiga `chrome://net-internals/#dns` ka danna Clear host cache, sannan ka rufe burauzar gaba ɗaya ka sake buɗewa. Sai dai ka san iyakarsa. Naka ka share. Da ka sake tambaya, risolban layinka zai sake miƙo maka tsohuwar amsar da ke hannunsa, kuma nasa ba ka da ikon sharewa. In kana sauri ka ga sabon, mayar da DNS na kwamfutarka 1.1.1.1 ko 8.8.8.8, su biyun ma suna da shafin da za ka sa domen su share kesh ɗinsu. Wannan kai kaɗai ya gyara wa, kwastomomin mutumin nan suna kan nasu layukan.

Shi ya sa na ce kar ka kashe tsohuwar sabar. Muddin akwai risolban da ke riƙe da tsohon IP, akwai masu sauka can. In shafin na saye da sayarwa ne ko yana da fom, abin ya fi haka haɗari, domin wani zai yi oda ta faɗa ma'ajiyar bayanan tsohuwar saba, mai shago yana duba sabuwar bai ga komai ba. Ka leƙa tsohuwar yau da dare ka kwashe duk abin da ya shiga bayan ƙarfe 10, ka kuma bar ta a kunne kamar kwana biyu, ko har sai ka ga log ɗinta ya yi shiru, don akan samu risolban da ke riƙe amsa fiye da yadda aka ce masa.

To in 2 ta wuce, har la'asar, kana ganin tsohon fa? TTL ɗin awa huɗu ya ƙare, sai mu nemi wani dalilin. Duba www tukuna. Rikod ɗinsa daban ne da na domen tsirara, in A rikod ne mai zaman kansa ba CNAME mai bin domen ɗin ba, to yana nan yana nuna tsohuwar saba. Sai AAAA, wato adireshin IPv6. Mutane sukan canza A su manta da shi, duk na'urar da ke da IPv6 kuma yawanci shi take fifitawa, sai ta tafi tsohon gida. Ka leƙa fayil ɗin hosts na kwamfutarka ma, ko ka taɓa rubuta tsohon IP a ciki lokacin gwaji, don shi ake fara dubawa kafin DNS.

Af, na tuna. Ka tabbata A rikod kaɗai ka taɓa? In har sabobin sunan ka canza, lissafin ya sha bamban. Wannan bayanin ba a hannunka TTL ɗinsa yake ba, a .com rikod ɗin NS 172800 ne, awa 48, daga nan maganar "jira kwana biyu" da kamfanonin hostin ke yawan faɗa ta samo asali. A irin wannan ƙaurar, dole tsoffin sabobin sunan da sababbin su riƙa ba da amsa iri ɗaya har kwana biyun su cika.

Yanzu dai buga umarnin nan guda uku, ka ɗauko hoton abin da ya fito ka turo nan gurup, ka rufe sunan domen ɗin in ba ka so a gani. Lambar tsakiyar nan nake son gani, da IP ɗin da sabar sunan ta ba ka.