Me ya sa WiFi ba ya kai wa ɗakin ƙurya?

Tambaya: Malam, na sayi rauta mai layin waya na ajiye a falo, amma a ɗakin mahaifiyata da ke ƙarshen gida sigina sanda ɗaya take nunawa, kiran bidiyo kuma yana yankewa. Gidan ginin bulo ne da rufin kwano. Shin kwanon ne ke hana sabis, ko rautar ce ba ta da ƙarfi?

Amsa: Da farko ya kamata ka san cewa rauta mai layin waya da sigina biyu take aiki. Akwai wadda ke zuwa mata daga turken kamfanin sadarwa, akwai kuma ta WiFi wadda ita rautar ke watsawa zuwa wayoyinku. Rufin kwano ya fi cutar da ta farko, domin ƙarfe ba ya barin igiyar rediyo ta ratsa shi, mayar da ita yake yi baya, saboda haka abin da ke shigowa daga waje sai ya bi ta taga da ƙofa da bango. Amma tsakanin falo da ɗakin Hajiya sigina a kwance take tafiya, ƙarƙashin rufi, kuma abin da ke cinye ta a wannan hanya shi ne nisa da bango. Tunda a falo intanet yana gudu lafiya, ban ga laifin kwano ba a nan.

Ana auna ƙarfin sigina da ma'aunin dBm, kuma manhajojin auna WiFi na kyauta suna nuna shi a waya. Lambar tana zuwa da alamar ragi, wato -50 ta fi -70 ƙarfi. Kiran bidiyo yana son kimanin -67 ko abin da ya fi haka, idan kuwa aka gangara wajen -80 sai a ga waya ta haɗu amma ba ta buɗe komai. Duk ragin 10 dB yana nufin kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin ne ya saura, kuma ko a fili babu shinge, duk lokacin da nisa ya ninka sau biyu ana asarar 6 dB.

Bari mu ƙiyasta gidanka. A ce ka auna -35 a mita 1 daga rautar, ɗakin Hajiya kuma yana mita 16. Nisan ya yi ninki biyu har sau huɗu ke nan (2, 4, 8, 16), wato an yi asarar 24 dB, an koma -59. Da nisa ne kaɗai da babu matsala. To amma bangon siminti mai kauri yakan ci wajen 10 zuwa 15 dB, gwargwadon kaurinsa da abin da ke cikinsa, don bulo mai rami bai kai zubin kankare mai rodi tsanani ba, kuma bangon da ya sha ruwan damina ya fi busasshe ci. Idan muka ɗauki 12 ga kowane bango, bango biyu za su kai ka -83, wanda shi ne sanda ɗayar da kake gani. Akwai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba: idan sigina ta ratsa bango a karkace, tafiyar da take yi a cikin siminti ta fi kaurin bangon tsawo sosai. Firji da ƙofar ƙarfe da tankin ruwa da babban madubin wadrof duk suna ƙara nasu.

Yanzu a ce ka ɗauke rautar daga bayan talabijin ka rataye ta sama a barandar tsakiyar gida, inda ya rage mita 8 da bango ɗaya. Asarar nisa ta zama 18, ta bango 12, sai ka tashi da -65, kuma kiran bidiyo zai daina yankewa ba tare da ka kashe ko sisi ba. Sai dai ka duba sandunan layin da ke jikin rautar a sabon wurin, kada gyaran WiFi ya jawo raunin sabis na waje. Idan rautar tana da zango biyu, a haɗa wayar Hajiya da na 2.4 GHz, domin na 5 GHz ya fi sauri a kusa amma bango ya fi cin sa.

Ba na ba ka shawarar sayen rauta mai tarin eriya da sunan ƙarfi, saboda magana ce ta kai da komo: ko da wayar ta ji rautar, dole ne ita ma amsarta ta ratso bangon nan, kuma waya ba ta kai rauta ƙarfin watsawa ba. Ripita, wato na'urar da ke karɓar siginar WiFi ta sake watsa ta, tana taimakawa idan an sa ta a tsakiyar hanya inda sigina ke da ƙarfi, amma mai sauƙin kuɗi takan rage sauri da kusan rabi. Idan ɗakin Hajiya sashe ne daban mai nasa rufin da ƙofar ƙarfe, ko kuwa bene ne mai zubin kankare da rodi a tsakani, to a ja kebul na intanet daga rautar zuwa wata rauta ta biyu a can. Kebul ɗin yana ɗaukar har mita 100, kuma idan zai ratsa tsakar gida a saka shi cikin bututu saboda rana da ruwan sama.