Na warware na samu 1, takarda ta ce tan θ: ina matsalar take?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce ’yar ajin ƙarshe na sakandare a Tudun Wada, Zariya. Wata ƙawata ta ɗauki hoton aikin gida ta turo mini ta WhatsApp. An ce mu tabbatar cewa (1 − cos²θ)/sin²θ = tan θ, mu kuma faɗi ƙa’idar da muka yi amfani da ita a kowane mataki. Sau uku ina yi, 1 nake samu. Ga hoton nan na haɗo. Ni ce na yi kuskure ko takardar?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Lissafinki daidai ne, takardar ma daidai take. Hoton ne ya ruɗe ki. Na buɗe shi a kwamfuta na ƙara masa girma, sai na ga lambar 2 ɗin nan zaune take a kan layi, tsayinta ɗaya da sauran haruffa, ba ƙaramar 2 ba ce da ake ɗorawa a kafaɗar harafi. Abin da malaminku ya rubuta shi ne:

```
(1 − cos 2θ) / sin 2θ = tan θ
```

Tsakanin cos²θ da cos 2θ akwai tazara mai nisa. Na farko yana nufin a nemo cos θ a ninka shi da kansa. Na biyu kuwa kusurwar ake fara ninkawa biyu, sannan a nemo cos ɗinta. Yadda kika karanta shi, dole 1 za ki samu, domin 1 − cos²θ shi ne sin²θ, kuma abu in aka raba shi da kansa 1 ne.

Ban ga laifinki ba. A karkace aka ɗauki hoton, ga inuwar waya ta faɗo a kan layin, sannan WhatsApp yana matse hoto kafin ya aika don rage cin data. Fuskar mutum ba ta jin wannan matsi sosai, amma ƙananan lambobi su ne farkon abin da ke dusashewa. Gaba ki ce wa ƙawarki ta shimfiɗa takardar a inda haske yake, ta riƙe wayar daidai saman rubutun, ta taɓa allon a kan layin har ya fito sarai, kuma ta taɓa alamar HD kafin ta tura, ko ta aika shi a matsayin Document. In da hali ta ƙara rubuta tambayar a ƙarƙashin hoton. A rubutun waya ana sa cos²θ haka: (cos x)^2, shi kuma cos 2θ haka: cos(2x), ba mai rikita su.

Ko da ba ni kusa, kalkuletar wayarki za ta iya raba miki gardama cikin minti ɗaya. Ki buɗe ɓangaren da ke da sin da cos, a wasu wayoyin sai an kwantar da wayar a gicciye yake fitowa. Ki duba ki ga DEG ne a kunne, wato ma’aunin digiri. Ki ɗauki θ a matsayin digiri 30, sai 2θ ta zama 60, ki buga:

```
(1 − cos(60)) ÷ sin(60)
tan(30)
```

Duka biyun za su ba ki 0.577 da ’yan kai. Karatunki na farko kuwa 1 yake bayarwa, wanda bai yi daidai da 0.577 ba, daga nan kin san akwai abin da aka karanta ba daidai ba. Amma ki kiyayi digiri 45 a irin wannan gwaji. Ɗalibai suna sonta don sauƙinta, alhali tan 45° shi ma 1 ne, don haka karatun kuskure da na gaskiya duk za su ci jarrabawar, ki tashi ba ki gano komai ba. Idan kika ga 0.423, baka biyun da ke kewaye da 1 − cos(60) kika manta, sai kalkuleta ta fara rabawa kafin ta ɗebe. Idan kuma −6.405 ta fito, wayar tana kan RAD ne.

Gwajin nan ba hujja ba ne. Ya nuna dai maganar ta zauna a kusurwa ɗaya, mu kuwa ana so mu nuna ta zauna a kowace kusurwa da lissafin ke da ma’ana a cikinta. To, ga yadda ake yi.

Za mu kama ɓangare ɗaya mu yi ta sauya masa kama har ya koma ɗayan, ba tare da mun taɓa ɗayan ba. Na hagu za mu ɗauka, saboda shi ne mai kaya da yawa. Warware abu mai sarƙaƙiya ya fi sauƙi a kan a ce za a ɗauki tan θ tsura a ƙirƙiro masa 2θ daga sama. Kafin ki sa biro a takarda, ki dubi inda za ki sauka. Dama tana da θ ne kawai, hagu tana da 2θ, ashe aikin farko shi ne korar 2θ. Kuma tan θ daidai yake da sin θ bisa cos θ, ashe muna fatan sin ta rage a saman layi, cos a ƙasa.

Ƙasan layi ba shi da wahala, domin ƙa’idar ninkin kusurwa ta sin guda ɗaya ce: sin 2θ = 2 sin θ cos θ.

Saman layi ne ke son tunani, saboda cos 2θ tana da fuska uku, kuma dukkansu gaskiya ne:

```
cos 2θ = cos²θ − sin²θ
cos 2θ = 2cos²θ − 1
cos 2θ = 1 − 2sin²θ
```

Wacce za a ɗauka? Ki dubi abin da ke zaune kusa da cos 2θ a tambayar. Akwai 1 da ake ɗebe ta daga cikinsa. Fuska ta uku da 1 ta fara, don haka in aka ɗebe, 1 zai cinye 1, 2sin²θ ta rage, wadda ita muke nema a sama. Ta biyun ma za ta kai ki gida, sai dai ta doguwar hanya: za ki samu 2 − 2cos²θ, ki fitar da 2, sannan ki kira ƙa’idar sin²θ + cos²θ = 1 kafin ki iso 2sin²θ. Kamar mai zuwa Samaru daga Tudun Wada ne ya fara biyawa ta Ƙofar Doka. Zai isa, amma ya ƙara wa kansa kuɗin mota.

Ga yadda zan so ki rubuta shi a littafi, kowane layi da dalilinsa a gefe:

```
(1 − cos 2θ) / sin 2θ
= (1 − (1 − 2sin²θ)) / sin 2θ       [cos 2θ = 1 − 2sin²θ]
= 2sin²θ / sin 2θ
= 2sin²θ / (2 sin θ cos θ)          [sin 2θ = 2 sin θ cos θ]
= sin θ / cos θ
= tan θ                             [tan θ = sin θ / cos θ]
```

Layi biyu ne ba su da ƙa’ida a gefe, don ba ƙa’idar kusurwa aka yi amfani da ita ba, amma su ma ki faɗi abin da kika yi. A layi na uku ki rubuta “an buɗe baka”, a na biyar ki rubuta “an raba sama da ƙasa da 2 sin θ”.

Layi na biyu shi ne ramin da ya fi cin mutane. In kika yi gaggawa kika rubuta 1 − 1 − 2sin²θ ba tare da baka na ciki ba, za ki ƙare da −2sin²θ, amsar ƙarshe ta fito −tan θ. Alamar ɗebewa da ke gaban baka tana shafar duk abin da ke ciki, ita ce ke mai da −2sin²θ ya zama +2sin²θ. Duk ranar da kika ga amsarki ta yi daidai sai dai alama ta juye, nan za ki fara dubawa. Na sha ganin ɗalibi ya iso −tan θ, ya waiga hagu da dama, ya goge alamar a layin ƙarshe kawai. Mai duba takarda layi-layi yake bi, zai ga inda aka yi sulhun.

A wajen sokewa ma a yi hattara. sin²θ na nufin sin θ sau sin θ, ɗaya ce ta tafi tare da ta ƙasa, ɗaya ta rage. Kuma an samu damar sokewa ne saboda sama da ƙasa duk sun zama ninki zalla. Tun a layin farko, inda ake da 1 − cos 2θ, babu abin da za a iya sokewa, don akwai ɗebewa a tsakani.

Wataƙila a aji ki ga wasu sun ninka a gicciye, sun rubuta 1 − cos 2θ = tan θ sin 2θ, suna aiki a ɓangarori biyu har su iso wani abu kamar 2sin²θ = 2sin²θ. Ban ba ki shawarar bin wannan hanya ba. Da zarar kin rubuta alamar daidai tsakanin hagu da dama kin ci gaba da aiki a kanta, kin riga kin ɗauki abin da aka ce ki tabbatar a matsayin gaskiya. Kuma isa ga magana ta gaskiya ba ya wanke inda aka taso. Ki ɗauki −1 = 1, wanda ƙarya ne ƙarara, ki ninka kowane ɓangare da kansa, sai ga 1 = 1. Ana iya gyara irin wannan hanya in an nuna kowane mataki yana komawa baya lafiya, amma wannan ƙarin aiki ne da ba kya bukata alhali layi shida sun isa.

Saura sharaɗi ɗaya da ya kamata ki sa a ƙarshen aikinki: sin 2θ ≠ 0. Ba a raba abu da sifili, kuma sin 2θ tana zama sifili idan θ ta kasance 0°, 90°, 180° da sauran ninkin 90°. Ki gwada 0° ki gani: dama ta ba da tan 0° = 0 lafiya lau, hagu kuwa ta zama sifili bisa sifili, kalkuleta ta ƙi ba da amsa. A 90° duka ɓangarorin biyu ne ba su da ma’ana. Wannan sharaɗin ne kuma ya halatta mana raba sama da ƙasa da 2 sin θ a layi na biyar, tunda in sin 2θ ba sifili ba ce, sin θ ma ba sifili ba ce.

A ƙasan hoton naki na hango tambaya ta gaba, duk da gefen takardar ya ɗan yanke: (1 + cos 2θ)/sin 2θ = cot θ. Wannan na bar miki. A nan tarawa ake yi da 1, don haka ki koma kan fuskoki ukun nan ki nemo wadda ke ɗauke da −1. A digiri 30 kalkuleta za ta ba ki 1.732 a ɓangaren hagu. Yawancin kalkuletocin waya ba su da maɓallin cot, sai ki buga 1 ÷ tan(30) ki kwatanta.