Bambancin Views, Reach da Impressions

Tambaya: "Na buɗe tasha a YouTube kwanan nan. Ina ganin Views, Reach da Impressions, lambobin ba su zuwa ɗaya. Mene ne bambancinsu?"

Ɗan'uwa, mu ɗauki bidiyo ɗaya a misali. YouTube ta nuna hoton murfinsa sau 1,000 a shafin farko da wajen bincike, wannan shi ne Impressions. Ba a ma lissafa shi sai aƙalla rabin hoton ya bayyana sama da daƙiƙa ɗaya. A cikin dubun nan an danna sau 50, kashi 5 cikin 100 ke nan, abin da suke kira CTR.

Views kuma yawan kallo ne, ba yawan mutane ba. Wanda bidiyon ya burge ya dawo sau uku yana iya ba ka kallo uku. Ka ga kallonka 80 alhali dannawa 50 ce? Ragowar 30 ta wata hanya suka shigo, ƙila ka tura adireshin a WhatsApp, su ba su bi ta murfin ba.

Reach ne mai rikita sabon shiga. A Instagram da Facebook, adadin asusun da suka ga abu ne, kowa sau ɗaya. A YouTube Studio kuwa, wato inda mai tasha ke duba lambobinsa, sunan shafi ne kawai. In kawunan mutane kake nema, duba Unique viewers, shi ma ƙiyasi ne.

Ni dai in Impressions na hawa, dannawa ta tsaya cak, murfi da taken bidiyon nake fara sauyawa.