Allurar sanƙarau ga maniyyaci: wace iri ce, kuma yaushe ake yin ta?

Tambaya: "Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da niyyar Umara, saura wata ɗaya mu tashi. Shekara huɗu da suka wuce an yi mini allurar sanƙarau, katin yana nan a hannuna. Ta ishe ni ko sai na sake?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Amsar tana cikin katin nan naka, don haka ɗauko shi ka duba sunan allurar da aka rubuta.

Saudiyya ba kowace allurar sanƙarau take karɓa ba. Wadda ta shardanta wa mai Hajji da mai Umara ita ce mai kare nau'i huɗu na ƙwayar cutar, wato A, C, W da Y. A kati za ka ga an rubuta ACYW ko ACWY, a tsofaffin katuna kuma ACYW135. Asalin wannan sharaɗi annobar nau'in W ce da ta ɓarke tsakanin alhazai a 2000 da 2001, lokacin da allurar da galibinsu suke zuwa da ita A da C kaɗai take karewa. A nan ne mutanenmu da dama suke ruɗewa. Allurar MenAfriVac da aka yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29 a gangami a jihohin Arewa nau'in A kawai take karewa. Shi ya sa ba ta tare annobar 2017 ta Zamfara da Sakkwato ba, domin waccan nau'in C ce. In MenAfriVac ce a katinka, ba ta cika sharaɗin ba.

In kuwa mai nau'i huɗun ce, sai a duba wane iri, domin iri biyu ne kuma wa'adinsu ya bambanta. Wadda ake rubuta wa polysaccharide, irin su Mencevax, shekara uku take yi. Wadda ake rubuta wa conjugate, irin su Menveo, Nimenrix, Menactra da MenQuadfi, shekara biyar. To ga inda gizo ke saƙar: idan katin bai fayyace irin allurar ba, an rubuta "ACWY" kawai an buga hatimi, shekara uku za a ƙirga mata ko da mai shekara biyar aka yi maka. Ke nan a lissafinka na shekara huɗu, hanya ɗaya ce za ta fisshe ka, ita ce a ga conjugate ko ɗaya daga cikin sunayen nan a rubuce ƙarara. In ba haka ba, sai ka sake. Ba wata illa don an sake wa wanda aka yi wa shekara huɗu baya.

Batun lokaci kuma, dole a yi ta aƙalla kwana goma kafin ka sauka a Saudiyya, saboda kimanin hakan jiki yake ɗauka kafin ya haɗa garkuwa. Misali, in ranar 25 ga wata jirginku zai sauka Jidda ko Madina, ranar 15 ce ta ƙarshe. Amma ni ban ba ka shawarar ka kai wannan gejin ba. Ana iya matso da ranar tashi, kana iya zuwa asibiti a ce allurar ta ƙare, kuma in zazzaɓi mai zafi ya kama ka a makon, ma'aikacin lafiya zai ce ka bari sai ka warke. Tunda saura wata ɗaya, ka je cikin makon nan.

Allura ɗaya ce tak, 0.5 ml a dantse. In kana da zaɓi ka nemi conjugate, domin bayan daɗewar wa'adinta tana rage zaman ƙwayar a maƙogwaro. Mutum yana iya ɗauko ta cikin cunkoson ɗawafi bai ji ko ciwon kai ba, ya kawo wa yaran gida. Bayan allurar dantse kan yi tsami, wani lokaci da ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu, farasitamol ya wadatar. Wanda wata allurar rigakafi ta taɓa sa masa kumburin fuska ko sarƙewar numfashi ya faɗa tun kafin a tsira masa.

Kafin ka tashi daga gaban ma'aikacin, ka tabbata ya rubuta kwanan wata, sunan allurar da irinta, lambar da ke jikin kwalbar, sannan ya sa hannu ya buga hatimi. Sunanka a katin ya zo daidai da na fasfo. A katin nan mai ruwan ɗorawa ake rubuta ta shawara da ta shan inna, waɗanda su ma ana nema ga mai tasowa daga Najeriya, don haka ka sa ya duba maka su a zama ɗaya. Masu sayen katin da aka riga aka cike ba tare da allura ba kuwa, su sani sanƙarau na iya kashe lafiyayyen mutum cikin kwana ɗaya, a wanda ya tsira ma yana iya barin kurumta.